Yadda Ake Fitar da Alwatikar Wuta: kW, kVA da kVAr a Jikin Moton Injin Niƙa

Duk wanda ya taɓa zuwa sayen janareta don injin niƙa ko injin casar shinkafa ya san wannan ruɗanin. A jikin moto an buga kW, a jikin janareta an buga kVA, mai gyaran wuta kuma da ya maƙala mitarsa sai ya faɗi amfiya. Mai injin yana tsaye yana jin lambobi uku a kan abu ɗaya. Akwai ma ta huɗu da ba a cika ambata ba, wato kVAr, ita ce kuma ke ɗaure sauran. Da moto guda ɗaya za mu bi su a nan, mu auna, mu lissafa, mu zana, sannan mu ga abin da kafasita ke canzawa da abin da ba ta taɓawa.

Moton namu mai layi uku ne, irin wanda ke jan injin niƙa da bel. Ga abin da ke kan farantin jikinsa:

```
15 kW   400 V   30 A   50 Hz
cos φ 0.80   970 rpm
```

Abin da moto ke yi da wutar da yake ja

Kafin lissafi, a fahimci cewa moto yana neman wuta don buƙatu biyu. Ta farko ita ce aikin da kowa ke gani: juya sanda, jan bel, farfasa masara. Wannan wutar tana shiga ne ba ta dawowa, ta zama motsi da ɗan zafi. Ita ake aunawa da kilowat, kW, kuma ita mitar kamfanin wuta ke tarawa awa bayan awa.

Buƙata ta biyu a ɓoye take. Moto irin wannan ba shi da maganaɗisu na dindindin a cikinsa, koyil ɗinsa ne ke ƙirƙirar ƙarfin maganaɗisun da ke jan abin da ke juyawa a tsakiya. Da yake wutar layi tana kammala zagaye sau 50 a daƙiƙa, tana sauya fuska sau biyu a kowane zagaye, koyil yana karɓar ƙarfi ya gina maganaɗisu, maganaɗisun ya rushe ya mayar da ƙarfin cikin waya, a sake ginawa ta ɗaya fuskar. Sau 100 ke nan a kowace daƙiƙa ana karɓa ana mayarwa. Ba a cinye wannan wutar ba, kai-komo kawai take yi tsakanin taransifoma da moto. Ita ce ake aunawa da kVAr, ni kuma a nan zan kira ta wutar kai-komo.

Wasu na kiranta wutar banza, ban kuwa yarda da wannan suna ba, domin in babu ita moto ko motsi ba zai yi ba. Ta fi kama da kwalaben lemo a motar dillali. Ba kwalba ake sha ba, za a mayar da ita kamfani, amma tana cin wuri a mota zuwa da dawowa. Waya, bireka, taransifoma da koyil ɗin janareta ba su san bambanci tsakanin amfiyar aiki da ta kai-komo ba, duk wadda ta ratsa su tana ɗumama su. Jimillar nauyin da suke ɗauka shi ne kVA.

Mataki na ɗaya: auna kVA

Wannan ne mafi sauƙi, domin bolt da amfiya kawai yake buƙata. Ka tayar da injin, a zuba hatsi yadda aka saba, ka bari aiki ya daidaita. Auna bolt tsakanin layi da layi, ba tsakanin layi da nutural ba. Sannan ka maƙala mita mai baki a waya ɗaya tak. In ka haɗa wayoyi ukun a bakinta lokaci guda za ta nuna kusan sifili, domin suna kashe juna. Ka bi layukan uku ɗaya bayan ɗaya, ka ɗauki matsakaicinsu. In hannunka bai saba da buɗaɗɗen allon wuta ba, wannan awon na mai gyara ne, kai ka riƙe biro da takarda.

A ce mun samu bolt 400 da amfiya 28.9.

```
S = 1.732 × V × I ÷ 1000
S = 1.732 × 400 × 28.9 ÷ 1000 = 20 kVA
```

Lambar 1.732 ta layi uku ce, wato √3. A moto mai layi ɗaya ba a sa ta, bolt sau amfiya ne kawai.

A nan ne mutane da yawa ke tsayawa su ce moton na cin kilowat 20. Ba haka ba ne. Mita mai baki tana faɗin yawan amfiya, ba ta faɗin ko amfiyar na tafiya kafaɗa da kafaɗa da bolt ko tana biye da shi a baya.

Mataki na biyu: auna kW

In akwai mitar da ke nuna kW kai tsaye, shi ke nan. In babu, mitar kamfanin wuta da ke bango ta isa, muddin ka kashe duk wani abu da ke kanta in ban da moton. Rubuta lambar kWh, duba agogo, a ci gaba da niƙa ba tsayawa na minti 15, ka sake rubutawa. A ce yunit 4 suka tafi. Minti 15 rubu'in awa ne, saboda haka a cikakkiyar awa yunit 16 ke nan.

```
P = 4 kWh ÷ 0.25 h = 16 kW
```

Mai lura zai ce, to ai farantin 15 ya ce, ya aka yi ya ci 16? Lambar faranti ƙarfin da ke fita ta sanda ne, ba wanda ke shiga ta waya ba. Moto mai wannan girma yana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ya ci zuwa motsi, sauran ya tafi a zafin koyil, ƙarfe, boris da fanka. Cikin 16 ɗin nan kimanin 14.4 ne ke isa bel, wato moton na dab da cikar ƙarfinsa amma bai wuce ba. A alwatika kuwa wutar da ke shiga ake sawa, 16, ba 15 ba. Wanda ya ɗauki lambar faranti ya sa a gindin alwatika ya fara gini a karkace.

Mataki na uku: fitar da kVAr, ka zana

Muna da 20 da 16. Zuciya za ta ce saura 4. Wannan shi ne kuskuren da ya sa ake buƙatar alwatika tun farko, don haka bari mu ɗan zauna a kansa.

Amfiyar aiki tana hawa tana sauka tare da bolt, lokaci guda. Amfiyar kai-komo kuwa tana makara da rubu'in zagaye: lokacin da bolt ya kai ƙololuwa ita tana sifili, lokacin da ya sauko sifili ita tana ƙololuwa. Abubuwa biyun da ba sa kai ƙololuwa tare ba a tara su kai tsaye. Rubu'in zagaye digiri 90 ne, shi ya sa ake zana su ɗaya a kwance ɗaya a tsaye. Ka ɗauka mutum ya yi taku 16 gabas, ya juya ya yi taku 12 arewa. Tazarar da ke tsakaninsa da inda ya taso ba 28 ba ce, 20 ce. Magina sun san wannan sarai, da shi suke fitar da kusurwar ɗaki lokacin aza harsashi: uku ta nan, huɗu ta can, igiyar da ta haɗa su biyar. Alwatikar motonmu ita ce wannan ɗin, an ninka kowane gefe sau huɗu.

```
S² = P² + Q²
Q = √(20² − 16²) = √(400 − 256) = 12 kVAr
```

Yanzu ɗauki rula. Ja layi a kwance na santimita 16, ka rubuta kW. Daga ƙarshensa ja wani a tsaye na santimita 12, ka rubuta kVAr. Haɗa farkon na kwance da ƙarshen na tsaye, ka auna: santimita 20 za ka samu, shi ne kVA. Kusurwar da ke tsakanin na kwance da dogon gefen ita ce φ da ka gani a faranti, a nan kusan digiri 37.

Abin da masu sana'a ke kira fawa fakto ba komai ba ne illa gindi a raba da dogon gefe:

```
cos φ = P ÷ S = 16 ÷ 20 = 0.8
```

Haka lissafin yake in aka koma amfiya. Cikin abin da mita ta nuna, ɓangaren aiki 23.1 ne, na kai-komo 17.3. In ka tara su kai tsaye za ka samu 40.4, alhali mita 28.9 ta ce. Ninka kowanne da kansa, tara, danna √, sai ga 28.9 ta fito. Wannan gwajin yana da kyau a yi shi kowane lokaci, domin in bai fito ba akwai inda aka yi tuntuɓe.

Idan hatsi ya ƙare moto na ta juyawa

Lambar 0.80 ta faranti gaskiya ce a cikakken kaya kaɗai. Wurin niƙa kuwa ba kullum baki ke cike ba, sau da yawa ana barin injin yana gudu ana jiran mai kawo kwano na gaba. A irin wannan lokacin gindin alwatika yana tsukewa sosai, amma tsayinta kaɗan yake raguwa, domin maganaɗisun da moto ke buƙata bolt ne ke ƙayyade shi, ba yawan masara ba.

A ce kW ya sauko zuwa 4, wutar kai-komo ta tsaya wajen 9. Dogon gefe zai zama kusan 9.8 kVA, amfiya 14.2, fawa fakto kuma 0.41. Aiki ya ragu zuwa rubu'i, amfiya kuwa rabi kawai ta ragu. Wanda ya maƙala mita ya ga 14 zai zaci moton na kan rabin ƙarfinsa, nan kuwa yawancin amfiyar kai-komo ce. Daga nan kuma za ka gane illar sayen moto da ya fi aikin girma don wai ya huta: kullum zai zauna a wannan siririyar alwatikar mai tsayi, yana cika waya da taransifoma da amfiyar da ba ta niƙa komai.

Mataki na huɗu: rage tsayin alwatika da kafasita

Kafasita, wadda wasu ke ce wa kwandensa, ita ma kai-komo take yi da wuta, sai dai lokacinta kishiyar na koyil ne. Lokacin da koyil ke mayarwa ita tana karɓa, lokacin da yake nema ita tana bayarwa. In aka ajiye ta kusa da moto sai su riƙa musayar a tsakaninsu, doguwar wayar da ta taso daga taransifoma ta huta. A zane, kVAr ɗinta ana cire shi ne daga layin tsaye. Gindi ba ya motsi ko kaɗan.

A ce muna son kai fawa fakto 0.95. A kalkuleta ka nemo kusurwar da cos ɗinta ya zama 0.95, digiri 18.2 ke nan, sannan tan ɗinta, 0.329. Na 0.8 kuwa tan ɗinsa 0.75 ne, wato 12 a raba da 16.

```
Qc = P × (tan φ1 − tan φ2)
Qc = 16 × (0.75 − 0.329) = 6.7 kVAr
```

Da wuya ka samu mai 6.7 a shago, mafi kusa ita ce 7.5 kVAr mai layi uku. Kafin ka biya kuɗi akwai iyaka ɗaya da za ka duba. Kafasitar da za a ɗaura kai tsaye a bakin moto, ta kunnu da shi ta mutu da shi, kada ta wuce kashi 90 cikin 100 na kVAr ɗin da moton ke ja ba kaya. Dalili kuwa shi ne, in aka kashe wuta moto bai tsaya nan take ba, nauyin fule da injin na ci gaba da juya shi. Kafasita mai girma za ta ci gaba da ciyar da maganaɗisunsa, ya rikiɗe ya zama janareta, bolt ya haura ya huda rufin koyil ko ya fasa ita kanta kafasitar. Don sanin iyakar, cire bel, tayar da moto, auna amfiya. A namu a ce 13 ce, wadda kusan dukkanta ta kai-komo ce: 1.732 sau 400 sau 13 ya ba da kusan 9 kVAr. Kashi 90 na wannan 8.1 ne, saboda haka 7.5 ta shiga.

Sabuwar alwatika: gindi 16 yadda yake, tsayi 12 a cire 7.5 saura 4.5.

```
S = √(16² + 4.5²) = 16.6 kVA
cos φ = 16 ÷ 16.6 = 0.96
I = 16600 ÷ (1.732 × 400) = 24 A
```

Wani zai ce me ya hana a ƙara a kai 1.0 cif? Kafasita 7.5 ta farko ta sauke 3.4 kVA. Ragowar 4.5 da za ka ƙara 0.6 kawai za ta sauke, ga shi ta tsallake iyakar da muka ambata. Riba ta ƙare tun a wajen 0.95.

Duba bolt ɗin da aka rubuta a jikin kafasitar ma. Abin da take bayarwa yana bin bolt sau bolt ne. Wadda aka rubuta 7.5 kVAr a 440 V, in ka ɗora ta a layin 400 kimanin 6.2 za ta ba ka. Mai 400 V kuma, ranar da wuta ta yi ƙasa zuwa 360, kashi 81 cikin 100 na lambarta kawai za ta bayar.

Yadda za ka san aikin ya yi

Bayan haɗawa, awo uku za ka yi. A wayar da ke zuwa daga mita, kafin mahaɗar kafasita, ka ga kusan 24. A wayar kafasitar, kusan 10.8 a kowane layi. A wayar da ke shiga moto bayan mahaɗar, 28.9 ɗin nan tana nan daram. Na ga wanda ya auna a wannan wuri na uku ya ce an sayar masa da jabu. Moton bai canza ba, buƙatarsa ta maganaɗisu tana nan, wurin da yake samo ta ne ya matso kusa.

Wannan ya shafi obalod kai tsaye, wato na'urar da ke kashe moto in amfiya ta wuce kima. In kafasita tana tsakanin obalod da moto, amfiyar da ke ratsa obalod ta ragu, don haka in ka bar saitinsa a 30 ya daina tsaron moton yadda ya kamata. A lissafin faranti, cikakken kaya yanzu kusan 25 ne a wannan wurin, nan za a mayar da shi. In kuwa an haɗa ta kafin obalod, a bar shi a 30.

Kafasita na tsufa a hankali, zafi da hawan bolt na gaggauta mata. Alamarta amfiyar layukanta ta ragu ko ta bambanta, ko kanta ya kumbura. Tana riƙe caji bayan an kashe wuta, saboda haka a jira mintunan da aka rubuta a jikinta, a auna da mita a tabbatar babu bolt kafin hannu ya kai. Kada a ɗaura ta tsakanin moto da na'urar sauya gudu, za ta lalata na'urar. A allon sita-delta kuma, wato mai tayar da moto a mataki biyu, ya fi aminci a ba ta kwantakta tata daban, wato makunninta, ta shiga bayan moto ya gama tashi.

Me aka samu, me ba a samu ba

A nan ake yi wa mutane romon baka. Mitar kWh gindin alwatika take ƙirgawa, gindi kuwa bai canza ba. Yunit 16 a awa kafin kafasita, kusan 16 bayanta. Abin da ya ragu shi ne zafin waya. A ce tsakanin mita da moto akwai kebul na tagulla mai kauri 10 mm², tsawon mita 50. Kowace waya tana da turjiya kusan 0.09 om. A amfiya 28.9 wayoyi ukun na ƙona kimanin wat 230, a 24 kuma kimanin 160. Wat 70 ke nan cikin 16,000, bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Ƙananan akwatunan nan da ake tallatawa wai a soka a soket su rage kuɗin wutar gida da rabi, galibinsu ƙaramar kafasita ce da fitila a ciki, mitar gida kuwa ba ta ƙirga kVAr balle ta rage maka. Inda kafasita ke rage kuɗi sosai shi ne wurin da takardar biya ke da layin kVA ko tarar ƙarancin fawa fakto, don haka ka duba takardarka tukuna.

Ribar da ba ta da shakka ita ce sarari. Taransifoma mai 100 kVA tana ɗaukar irin motonmu biyar a 20 kowanne, bayan gyara kuwa shida a 16.6. Faɗuwar bolt a doguwar waya tana raguwa, bireka da mahaɗai suna yin sanyi.

Janareta kuma iyaka biyu gare shi, kuma alwatika ce ke raba su. Yawancin masu layi uku ana buga ƙarfinsu ne a fawa fakto 0.8, saboda haka mai 20 kVA injin dizal ɗinsa na kilowat 16 ne. Dogon gefe na koyil ne, gindi na injin. In ka ɗora masa motonmu ka sa kafasita, koyil ya samu sauƙi daga 20 zuwa 16.6, amma injin na nan a 16 cikin 16, ba ragowar ko kilowat ɗaya, man da yake sha ma kusan yadda yake. Kuma duk wannan lissafin na moto mai gudu ne. Lokacin tashi kai tsaye yakan ja amfiyar faranti sau shida zuwa bakwai, wato 180 zuwa 210 a namu, na 'yan daƙiƙu, yawancinta ta kai-komo. Janareta mai 20 kVA zai durƙushe kafin moton ya kai gudu, kafasita 7.5 kuma ba ta isa ta tare wannan ba. Shi ya sa ake sa sita-delta, wanda ke sauke amfiyar tashi zuwa kashi ɗaya cikin uku, ana kuma zaɓen janareta da ya ninka moton. Sannan in kafasitar na da makunninta daban, a kashe ta duk lokacin da moto ya tsaya: janareta da ba kaya a kansa sai kafasita, bolt ɗinsa yakan haura ya yi ta rawa, na'urar daidaita bolt ta kasa riƙe shi.